Yadda ake amsa wa mai tayi ba tare da rantsuwa ko matsi ba: misali da takalmin fata a Sakkwato

A Sakkwato, duk wanda ya ɗauki takalmi ya ji kuɗinsa ya biya bai taya ba, to ko dai baƙo ne, ko kuma mota ce ke jiransa a tasha. Tayi ba raini ba ne, hanyar shiga ciniki ce. Inda matsalar take shi ne abin da mai kaya ke faɗa bayan an taya. Yawancinmu amsa biyu muka iya: "albarka" da ɗaure fuska, ko kuma "wallahi ban sayo haka ba". Ta farko ba ta gaya wa mai saye komai, ta biyu kuwa an ji ta har an gaji, yanzu ko yaro ba ya yarda da ita.

Na yi shekaru ina zama a shagon kawuna, baduku ne mai ɗinka takalman maza, kuma abin da zan shimfiɗa a nan shi ne tsarin maganar da muka zauna a kai bayan mun sha faɗuwa. Ginshiƙinsa ɗaya ne: kada ka ba mai saye dalilin da sai ya yarda da kai kafin ya karɓa, ka ba shi wanda zai iya dubawa da idonsa ko ya taɓa da hannunsa a nan inda yake tsaye. Da takalmi zan yi misali don shi na sani, amma mai hula, tela da mai jaka duk za su iya ɗora nasu a kai.

Mataki na 1: Ka san kuɗi uku kafin ka buɗe shago

Ba a kare farashin da ba a lissafa ba. Wanda bai san abin da ya kashe ba, da zarar an matsa masa sai ya fara kame-kame, mai saye kuwa yana jin haka a muryarsa. Saboda haka aikin farko a littafi ake yinsa, ba a baki ba.

Ga lissafin takalmi ƙafa ɗaya na fatar akuya, mai ɗinki. Alƙaluman na misali ne, kasuwa tana hawa tana sauka, kai ka sa naka. A ce fatar akuya jemammiya ta zo a naira 6,000, kuma tana fitar da saman takalmi uku, kenan kowane ya ci 2,000. Ƙirgin da ake shimfiɗawa inda tafin ƙafa ke zama, 1,500. Sol na roba mai kauri, 1,800. Gam, zare, soso da man gogewa, 900. Ladan aiki, wato yanka, ɗinki da haɗawa, 2,500. Wannan ladan ka rubuta shi ko da da hannunka ka yi aikin. Badukai da yawa ba sa sa shi, sai su ɗauki ladan guminsu su kira shi riba, a ƙarshen shekara kuma su rasa inda jari ya shiga.

Saura abubuwa biyu da ake mantawa. Na farko kason haya, wuta, kuɗin keken da ke ɗauko kaya da ledar zubawa. Idan duka suna cin 48,000 a wata kana kuma sayar da takalmi 60, kowane ya ɗauki 800. Na biyu asara: fata mai tabon wuƙa da ba a gani ba sai an yanka, ko ƙafar da ta fito a karkace. Idan a cikin ashirin ɗaya kan lalace, ka ɗora wa kowane kamar 500. An tashi a 10,000 cif. Wannan ita ce uwar kuɗi.

Kuɗi na biyu shi ne na sallamawa, wanda ƙasa da shi ba ka bayarwa. A misalinmu 12,000. Na uku shi ne wanda kake faɗa da farko, 13,500. Ka lura tazarar ba ta da yawa. Akwai masu cewa a fara da 20,000 don a bar wa mai tayi fili. Ni ban yarda da wannan ba. Wanda ya ji ka sauko daga 20,000 zuwa 12,000 ba ya tafiya da murnar an yi masa ragi, yana tafiya ne da tunanin da ya ƙara jajircewa da ka sauka zuwa 9,000. Shi kuwa bawan Allahn da bai iya tayi ba ya biya 18,000, ranar da ya ji labari ka rasa shi da danginsa.

Mataki na 2: Faɗin kuɗi da karɓar tayin farko

Bayan gaisuwa, ka miƙa masa takalmin a hannu kafin ka faɗi kuɗi, ko kuma tare. Kada ka faɗi kuɗin yana kallon kayan daga nesa.

"Wanga nawa na?"

"Alhaji, riƙe shi ka ji tukuna. Wannan dubu goma sha uku da ɗari biyar ne."

Daga nan ka yi shiru. Wannan shirun yana da wuya ga sabon ɗan kasuwa, sai ka ji ya ɗora da "amma ana ragi" tun ba a tambaye shi ba, ya taya wa mai saye da bakinsa. Bari shi ya yi magana.

"Kai! Sha ukku? Dubu bakwai zan ba ka."

A nan ne ake gane wanda ya iya. Dubu bakwai ba ta kai ko uwar kuɗi ba, amma kada ka nuna ɓacin rai, kada ka fizge takalmin daga hannunsa, kada kuma ka ce "kai ba mai saye ba ne". Mutumin nan bai san lissafinka ba, ya jefa ne ya ga inda za ta faɗa. Amsar ita ce:

"Albarka, Alhaji. Bakwai ba ta kai ba. Amma in ba ka sauri, bari in nuna maka abin da ya sa kuɗinsa ya kai haka, in ya so ka auna da kanka."

Jimlar nan tana yin aiki uku. Ta ƙi tayin da kalmar da kowa ya saba da ita, ta nemi izini kafin bayani, ta kuma bar hukunci a hannunsa. Idan ya ce sauri yake, ka gajarta: ka faɗi dalili ɗaya ka faɗi kuɗin da za ka iya.

Mataki na 3: Dalilan da ake taɓawa da hannu

Nan ne zuciyar aikin, don haka zan ɗan daɗe. Dalili biyu ko uku sun isa. Wanda ya jero bakwai ya koma mai tallan maganin gargajiya a bakin tasha.

Ka fara da fata. Juya igiyar takalmin ka nuna masa bayanta da bakin inda aka yanka.

"Dubi bayanta. Ka ga gashi-gashin nama? Fata ce tun daga sama har ƙasa. Wanda ake yi da leda, in ka juya bayansa yadi za ka gani an manna masa roba. Sunsuna ka ji, ƙanshin bagaruwa ne."

Wannan magana ce da zai tabbatar nan take. Jimar gargajiya da bagaruwa ake yinta, kuma tana barin ƙanshin da duk wanda ya tashi kusa da majema ya sani. Idan jan rinin karan dafi ne ko baƙin kuloko ne, ka faɗa. Idan kuwa rinin kanti ne, shi ma ka faɗa in an tambaya, ba abin kunya ba ne. Sai ka lanƙwasa igiyar a gabansa ka sake ta. Fatar da ta jemu da kyau tana lanƙwasuwa ta koma ba ta tsage a fuska ba. Wadda aka yi wa gaggawa tana da tauri, takan yi ƙarni in ta ji damshi, kuma in ka duba bakin yankan za ka ga tsakiyarsa da haske, alamar jima ba ta ratsa ba.

Wani abin da ya kamata ka bambance masa shi ne akuya da tunkiya. Fatar tunkiya ta fi laushi ta fi araha, amma tana saurin saki, fuskarta kuma tana saɓulewa. Ta jar akuyar Sakkwato ta fi ƙarfi da matsewar jiki, shi ya sa tun zamanin fatake ake tsallaka Sahara da ita, Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko alhali daga ƙasar Hausa da yawanta ya fito. Amma wannan tarihin ka ajiye shi don baƙon da ya zo ziyarar Hubbaren Shehu yana neman tsaraba, shi zai ji daɗinsa. Basakkwacen da ke son takalmin zuwa masallacin Juma'a tarihi bai dame shi ba, abin da yake son ji shi ne igiyar ba za ta saki ta bar ƙafarsa tana yawo ba.

Dalili na biyu ɗinki ne. Ka sa masa yatsa a gefen sol.

"Bi nan da yatsanka. Ka ji zare? Bayan gam an bi shi da basilla an ɗinke zagaye. Ka san zafin garin nan a watan Afrilu, takalmin da gam kaɗai ya riƙe, in ya sha kwalta ko aka bar shi cikin mota, sai ya buɗe baki. Wannan ko gam ya saki, zare na riƙe da shi."

Ba wanda ya yi bazara a Sakkwato da zai musa maka wannan. Kuma ɗinkin nan shi ne babban abin da ke cin ladan aiki, saboda haka ka haɗa dalilin da kuɗin kai tsaye: "Wannan ɗinkin shi ke cin lokaci, a nan ne kuɗin aiki ya fi tafiya."

Dalili na uku shi ne abin da ka ɗauka wa kanka bayan ciniki. Idan kana gyara kyauta, ka faɗi iyakarsa a fili: "In ɗinki ya kwance cikin wata uku, kawo shi in gyara ba ko kwabo. Sol in ya cinye da tafiya, wannan kuma sai ka biya kuɗin sabon sol, aikin in yi maka." Kada ka ce "zai yi shekara biyar", ba ka san tafiyarsa ba. Mai hawa mota da mai tura baro ba ɗaya suke cin takalmi ba.

Akwai dalilan da gaskiya ne amma ba su da ƙarfi, don ba a taɓa su. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowa ya koma cewa "mai ne" ko "dala ce". Mai saye shi ma man nan yake sha, in ka kawo masa wannan kukan sai ya kawo maka nasa, ku tashi kunnen doki. In za ka ambaci tsada, ka kama abu guda da sunansa: sol da gam daga nesa ake kawo su, kuma sun hau. Ko ƙirgi, wanda masu ganda ke ribibinsa tare da majema, shi ya sa ba ya araha. Ko fatar akuya mai kyau da dillalai ke kwashewa zuwa masana'antun jima na Kano. Jimla ɗaya ta isa, ka koma kan takalmin da ke hannunsa.

Mataki na 4: Ka faɗi aibin kafin ya gano

Wannan matakin ne 'yan kasuwa suka fi tsoro, kuma shi ya fi sa a yarda da sauran maganarka. A hadisin Hakim bin Hizam da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya ce masu ciniki biyu idan suka yi gaskiya suka bayyana, za a sa musu albarka a cinikinsu, idan kuwa suka ɓoye suka yi ƙarya za a shafe albarkar. Bayyanawa a takalmin fata ga yadda take:

"Abu ɗaya zan gaya maka, Alhaji. Fata ba ta shiri da ruwa. In da shi za ka riƙa alwala sau biyar, zai bushe ya yi tauri, launinsa ya ɓaci. Ka ajiye silifa don alwala. In ruwan sama ya dake shi, ka shanya a inuwa, ba a rana ba, ka shafa masa mai."

Idan kuma akwai tabo a jikin fatar, ka nuna da yatsa ka ce ga shi, kuma saboda shi ka rage ɗari biyar. Jan rini yakan ɗan taɓa ƙafa ko farar safa a kwanakin farko in an yi gumi, wannan ma a faɗa. Wani zai ce to ai ka kashe cinikinka. Wani lokaci haka ne, na ga wanda ya ajiye ya ce shi dama na alwala yake nema. Gara haka, da ya saya ya dawo bayan wata ɗaya da busasshen takalmi yana faɗa a gaban mutane.

Mataki na 5: "Can na gani dubu shidda da rabi"

Wannan kusan kullum sai ta zo. Wani lokaci gaskiya ne, wani lokaci dabara ce, kai kuma ba aikinka ba ne ka bincika. Kada ka ƙaryata shi, kada ka ɓata maƙwabcinka. Ba ka ga kayan da ya gani ba.

"Zai yiwu ƙwarai, akwai na wannan kuɗin a Babbar Kasuwa. In ka koma ka duba abu uku: ka juya bayan igiyar, ka bi gefen sol ka ji ko akwai zare, ka danna sol ka ji kaurinsa. In ka samu duka ukun kamar wannan a shida da rabi, ka saya, ka yi sa'a."

Ka ba shi ma'auni kenan, ka kuma nuna ba ka tsoron ya gwada. Sai dai ka shirya wa ranar da zai dawo ya ce ya duba, iri ɗaya ne, kuma dubu goma ake sayarwa. Ranar kada ka yi gardama. Ka koma littafinka ka duba, wataƙila kai ne kake sayen fata da tsada, ko wancan a sari yake sayen sol kai kana saye ɗai-ɗai. Magana mai daɗi ba ta gyara farashin da ya wuce na kasuwa ba dalili.

Mataki na 6: Sauka, da kalmar "ƙarshe"

Yanzu ya ɗan matso.

"To na ji. Dubu goma."

"Albarka, Alhaji, ka matso amma da saura. Zan bar maka a sha biyu da rabi."

"Haba Malam. Mi na gaskiyatai? Faɗa min na ƙarshe."

Idan aka nemi gaskiyarsa, to an ɗora maka amana. Ka faɗi kuɗin sallamawa, sau ɗaya, ka tsaya a kai.

"Na ƙarshe dubu goma sha biyu. Ƙasa da haka ba na sallamawa, ba don kai ba, kowa haka nake gaya masa."

Dokar a nan ita ce kalmar "ƙarshe" sau ɗaya ake faɗinta. Idan ka ce sha biyu ne ƙarshe, ya juya ya yi taku uku ka kira shi ka ce kawo sha ɗaya, to ka koya masa cewa ƙarshenka ba ƙarshe ba ne, gobe kuma taku shida zai yi. In ka san za ka iya sha ɗaya, ita ce kuɗin sallamawarka tun asali, ita ya kamata ka faɗa.

Sai batun uwar kuɗi. Ba dole ba ne ka gaya wa kowa nawa ka kashe, kana iya cewa "lissafina ne, amma ribar ba ta da yawa" idan da gaske ba ta da yawa. Abin da ba ya halatta shi ne ka faɗi adadi na ƙarya. Ni kaina na taɓa yi, ina saurayi. Wani dattijo ya taya, na ce wallahi fatar kaɗai na sayo kaza, na ƙara kusan rabi a kai. Ya yi murmushi ya tambaye ni wurin wa na sayo. Ashe majemi ne, ya fi ni sanin kuɗin fata a makon nan. Bai zage ni ba, ya ajiye takalmin a hankali ya ce Allah shi kawo kasuwa. Kawuna yana daga ciki yana ja da zare, bai ɗaga kai ba sai da mutumin ya tafi, sannan ya karanto min hadisin Abu Huraira cewa rantsuwa tana sa haja ta shige amma tana shafe albarka. Ya ƙara da nasa: taka rantsuwar ko sa hajar ta shige ba ta yi ba. Tun ranar muka cire "wallahi" daga bakin ciniki a shagon. Abin mamaki, rashinta ya fi sa a saurare mu.

Haka nan ka cire waɗannan daga bakinka in ba gaskiya ba ne: "shi kaɗai ya rage", "yanzu wani ya taya sha uku na hana", "gobe zai tashi". Kada kuma ka bar abokin zamanka ya yi kamar mai saye yana ƙara tayi don a zuga baƙo, wannan shi ne najashi da aka hana a shari'a. In da gaske lamba 43 guda ɗaya ta rage, ka faɗa sau ɗaya don ya sani, ka haɗa da mafita: "In an saye, ina iya ɗinka maka wani cikin kwana huɗu." Da wannan ka ba shi labari ba tare da ka ɗaure shi ba.

Mataki na 7: In kuɗinsa bai kai ba

Wani ba dabara yake ba, abin da ke aljihunsa kenan. Za ka gane shi: ya daina kushe kayan, yana ta juya takalmin, yana maimaita adadi ɗaya cikin sanyin murya. Ɗaliban jami'ar Ɗanfodiyo da masu yi wa ƙasa hidima sun fi faɗawa nan. Kada ka tona masa asiri, ka tambaye shi a hankali:

"Ɗan'uwa, nawa ka shirya kashewa? In ga abin da zai yi maka."

In ya ce dubu takwas da rabi, ka ɗauko na wannan kuɗin ka faɗi bambancin ba ƙari ba ragi: "Wannan samansa fata ce, amma ta tunkiya, sol ɗinsa bai kai wancan kauri ba, ɗinkin a wurin igiya kawai yake. Don zuwa Juma'a da biki zai yi maka, don yawon kullum wancan ya fi." Kada ka wulaƙanta mai arahar don ka tura shi ga mai tsada, kai ka ɗinka shi.

Hanya ta biyu ajiya ce: ya ba da wani abu, ka rubuta a littafi da ranar da zai cika, ku kuma yi magana tun yanzu a kan abin da zai faru da kuɗinsa in ya fasa. Ta uku ita ce ragin da ke da dalili. Mai ɗaukar dozin don kai wa Illela ko don angwaye kana iya ba shi a 11,500, ka gaya masa dalili: yanka da yawa a lokaci ɗaya yana rage ɓarnar fata, kuma kuɗinka ya dawo a dunƙule. Wannan farashin sari ne, shi ma a rubuce yake tun farko, ba matsi ya haife shi ba. In mai sayen ƙafa ɗaya ya ji ya nemi irinsa, amsarka a shirye take.

Dangi, abokai da manya

Nan tsarin yakan so ya rushe. Taubashinka ya zo yana wasa yana cewa ai kayan bawansa nasa ne, ko gwaggo ta aiko a karɓar wa ɗanta. Ka raba abu biyu a fili, farashi da kyauta:

"Gwaggo, kuɗinsa sha biyu ne, haka nake sayar wa kowa. Ku kawo goma, biyun na bar muku, tawa gudummawar ce."

In ba ka faɗi haka ba, za ta je ta gaya wa maƙwabta takalmin dubu goma ne, jibi su zo da dubu goma a hannu. Ga babban mutum kuwa, ka ƙara ladabi, ka tashi tsaye, ka ce ranka shi daɗe, amma kuɗin kada ya motsa sama don ka ga babbar riga da mota. Direbansa ya san kasuwa.

In ciniki ta waya ne

Wanda ya tambaya ta WhatsApp ba zai iya taɓawa ba, don haka hoto zai tsaya a madadin hannunsa. Ka tura guda uku: fuskar takalmin, bayan igiya, da gefen sol inda ɗinki ya fito. Rubutun ya zama gajere: "Fatar akuya ce, jimar bagaruwa, an ɗinke sol zagaye. Kuɗinsa 13,500, kuɗin mota daban. Ba ya son ruwa. In ɗinki ya kwance cikin wata uku gyara kyauta ne." In ya taya, ka bi matakan nan dai. In ya yi shiru, tuntuɓa ɗaya bayan kwana biyu ta wadatar, ba a bin mutum da "kana nan?" safe da yamma.

Rufe magana

In ya amince, ka ce "na sallama", ka sa ya gwada ƙafa biyun ya ɗan taka, don ƙafar mutum ɗaya takan ɗara ɗaya. Ka maimaita masa kuɗin da alƙawarin gyara kafin ya biya, ka ce Allah ya amfana. In kuwa bai amince ba, ka karɓi takalmin da hannun dama ka mayar wurinsa ba tare da ka buga shi ba:

"Ba komai, Alhaji. Zagaya ka duba, in ka dawo kuɗin yana nan yadda na faɗa, sai dai in fata ta motsa, in ta motsa kuma zan gaya maka. Allah shi ba da sa'a."

Da yamma kafin ka rufe, ka rubuta a bayan littafin mutum nawa suka taya, nawa suka saya, kuma a wane adadi waɗanda suka tafi suka tsaya. In ka ga mako biyu a jere yawancin masu tafiya a kan dubu tara zuwa goma suke tsayawa, to bayaninka ba shi da laifi, kayan da ke wannan kuɗin ne babu a shagonka, sai ka zauna da mai ɗinki ku fitar da samfurin da uwar kuɗinsa ba za ta wuce dubu takwas ba. In kuwa suna tafiya tun kana tsakiyar bayani, maganar ce ta yi tsawo, ka rage ta zuwa fata da ɗinki kawai, ka bar takalmin ya daɗe a hannunsu.